Wata biyu babu a takardar fanshona, amma an ce kada in damu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karɓi takardar bayanin asusun fanshona ta bara, na ƙirga na ga zubi goma maimakon goma sha biyu. Sannan an ƙara mini girma a watan Yuli, albashin da ake lissafin fansho a kansa ya tashi daga 150,000 zuwa 180,000, amma zubin bai motsa daga 27,000 ba. Kashi 8 cikin 100 ake cire mini, wurin aikina kuma ya ɗora kashi 10. Ofishin albashi sun ce tunda takardar albashina ta nuna an cire, babu komai, za a daidaita lokacin ritaya. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiyarki da hankalinki bai kwanta ba, amma kafin ki ɗaga murya ki sake duba takardar. Yawanci kowane layi yana da kwanan wata iri biyu: watan da kuɗin yake wakilta, da ranar da kuɗin ya shiga asusun. Na farkon za ki bi. Ki rubuta Janairu zuwa Disamba a gefen takarda, ki riƙa soke kowane wata da kika gani. Zubin Disamba yakan shiga a Janairu, sai ya faɗa takardar shekara mai zuwa. Wani lokacin kuma a haɗa wata biyu a layi ɗaya, ki ga 54,000 a wurin da kika saba ganin 27,000. Idan kin tafi hutun da babu albashi, wannan giɓin halal ne. In duk babu ko ɗaya cikin waɗannan, to watanninki sun ɓata da gaske.

Sai batun albashin, wanda shi ne mutane ba sa dubawa, domin ido yana kama layin da babu, amma ba ya kama layin da yake nan da ƙaramin adadi. Hanyar ganewa ita ce lissafi da baya. Kashi 8 da kashi 10 sun zama 18. Ki raba 27,000 da 18, ki ninka sau 100, za ki samu 150,000. Wato har Disamba a kan tsohon albashinki ake zuba miki. Daga Yuli kamata ya yi a ga 14,400 naki da 18,000 na wurin aikinki, jimilla 32,400. Kowane wata an rage miki 5,400, kuma a wata shida ya zama 32,400 cif. Ashe ba wata biyu kawai kike bi ba, akwai kwatankwacin na uku da ya zube a hankali ba tare da layi ko ɗaya ya ɓace ba. Ki ɗauko takardar albashinki ta Agusta ki duba. Idan 12,000 aka cire, ofishin albashi ne bai sabunta lissafi ba. Idan kuwa 14,400 aka cire amma 12,000 ya isa asusun, to akwai 2,400 na guminki da yake tsayawa a hanya duk wata, wannan kuma ya wuce mantuwa, sai an yi miki bayani. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: ba kowane alawus ake lissafawa ba, wasu tsare-tsaren ma suna da iyakar albashin da ake cira a kai, don haka ki tabbata 180,000 ɗin shi ne wanda dokar tsarinku ta ce a yi lissafi da shi.

Yanzu ga maganar da take ƙona mini rai, wadda kusan kullum sai an zo mini da ita: wai tunda takardar albashi ta nuna an cire, shi ke nan an zuba. Wa ya buga takardar albashin? Wurin aikinki. Me take shaidawa? Cewa kuɗin ya bar albashinki. Ba ta ce uffan ba a kan inda ya sauka. Wanda ya ba ɗan aike saƙo, ai wurin wanda aka aika wa yake tambaya ko ya iso, ba ya tsayawa a kan rantsuwar ɗan aiken. Tsakanin cirewa da shiga asusunki akwai ramuka da yawa. Akwai ma'aikatar da kuɗi ya yanke mata, ta riƙe zubin ta biya wata buƙatar da niyyar mayarwa. Akwai wadda ta tura kuɗin a dunƙule amma ba ta haɗa da jadawalin sunaye ba, masu riƙe da asusun suka rasa na wa da na wa ne, suka ajiye shi gefe. Akwai akawun da ya juya lamba ɗaya a lambar rajistarki, kuɗin ya maƙale ko ya tafi asusun wani. Akwai kuma mai rajista biyu, musamman wanda ya canza aiki, zubinsa ya rabu gida biyu. A duk waɗannan, takardar albashi tas take fitowa, babu ko ɗigo.

Shi kuwa "za a daidaita lokacin ritaya", wa zai daidaita? Ranar da kika kai shekarun, akawun da ya faɗa miki haka ya daɗe da barin kujerar, an canza manhajar albashi, wataƙila ma'aikatar ma ta rufe. A ranar ba za a tambayi wanda ya yi kuskuren ba, ke za a ce ki kawo shaidar watan Maris na shekara ashirin baya. Na ga dattawa da jakar takardu suna safa da marwa tsakanin ofisoshi a kan wata uku da wasiƙa ɗaya za ta gyara a lokacin da abin ya faru. Ko an mayar da kuɗin daga baya ma, an riga an cuce ki. Idan tsarinku na asusun kai ne da ake juyawa, a ce yana kawo kashi 10 a shekara, 27,000 ɗaya tak zai haura 180,000 a shekara 20, wanda ya dawo miki da 27,000 a ranar bai biya ki ba. Idan kuma tsarin ƙirga watanni ne, 'yan watanni kaɗan na iya hana mutum cika adadin da ake buƙata don fanshon wata-wata, ƙaramin albashin da aka rubuta kuma ya ja matsakaicin da za a yi masa lissafi ƙasa. Kuma don Allah ki guji masu shawagi a bakin ofis suna cewa sun san wani a ciki, a ba su na goro su cike giɓin. Ba a cike giɓi sai da shaidar biya daga ma'aikata, su kuwa bayananki kawai za su kwasa.

Ki rubuta wa ofishin albashi wasiƙa, ki jera watannin biyu da sunayensu, da bambancin 5,400 daga Yuli zuwa Disamba. Ki nemi abu biyu: rasit ɗin tura kuɗin waɗannan watanni, da jadawalin da sunanki da lambarki suke ciki. A buga miki hatimin karɓa a kwafinki. In sun kawo, kuɗin yana wurin masu riƙe da asusun, ki kai musu kwafi su nemo shi su saka miki a watan da ya dace. In sun fara kame-kame, alama ce ba a tura ba, sai ki kai ƙorafi a rubuce ga hukumar da ke sa ido kan fansho, haɗe da takardun albashin shekarar, da takardar ƙarin girma, da bayanan bankin da albashinki ke shiga. Ki tambayi abokan aikinki biyu ko uku su duba nasu. Idan ke kaɗai ce, ki fara zargin lambar rajista. Idan duk watannin nan babu a wurin kowa, ma'aikatar ce, kuma wasiƙar haɗin gwiwa ta fi saurin samun amsa. Bayan an ce an gyara, ki nemi sabuwar takardar bayani ki ga watannin da idonki, sannan ki ciro na shekarun baya ki yi musu wannan lissafin.