Wasiƙar iyaye kafin yara su fara darasin iyo: me za a saka a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Makarantarmu za ta fara kai ƴan firamare koyon iyo zangon nan, an ɗora min rubuta wa iyaye wasiƙa kan dokoki da kayan sawa da tsaro. Ni ko iyon ban iya ba, dan Allah me da me zan rubuta?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Rashin iya iyon naki ba zai hana komai ba, ni da nake koyar da yara a ruwa abu biyu kacal nake nema daga wasiƙar nan, yaro ya zo min cikin kayan da ba za su ja shi ƙasa ba, sannan in san ciwon da ke jikinsa tun kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa. Sauran duk cikon shafi ne. Shiyasa ki yi ta shafi ɗaya, sai fom ɗin da za a cike a dawo da shi a shafi na biyu, in ta fi haka wallahi ba mai karanta ta har ƙarshe.

Kafin ki ɗora biro ki je wajen masu kula da wurin iyon ki tambayo abin da iyaye za su tambaye ki. Zurfin ɓangaren da yaran za su shiga mita nawa ne, malamai nawa ne a cikin ruwa, kuma akwai mai ceto da zai tsaya a baki wanda ba ya koyarwa? Wannan ta ƙarshen ki dage a kanta sosai, domin malamin da ya sunkuya yana gyara wa yaro ɗaya ƙafa ba ya ganin sauran, dole a samu mutum daban wanda aikinsa kallo ne kawai. Da zarar kin samo amsa sai ki zuba ta da lambobi a sakin layi na farko. A ce ajin yara 24 ne, ga yadda zan rubuta:

"Daga mako mai zuwa ƴan aji huɗu za su fara darasin iyo sau ɗaya a mako, minti 30 a cikin ruwa. Za a raba su rukuni uku, yara 8 ga kowane malami, a ɓangaren da zurfinsa bai wuce mita 0.9 ba, inda kowane yaro zai iya tsayawa da ƙafarsa. Akwai mai ceto a bakin ruwa tun daga shiga har fita. Ana ƙirga yaran kafin shiga da bayan fitowa."

Kinga uwa in ta karanta wannan hankalinta zai fi kwanciya fiye da a ce mata "mun ɗauki duk matakan tsaro", wadda ba ta nuna mata komai ba. Amma fa lambobin su zama na gaskiya, in yara 10 ne ga malami ki rubuta 10.

Toh sai kayan sawa, inda aka fi samun rigima a ranar farko. Kar ki rubuta "kayan da suka dace" ki tsaya nan, kowa da abin da ya dace a wajensa, za ki ga yaro ya zo da rigar auduga ta yayansa har gwiwa. Ki faɗi yadin da sunansa, nailan ko foliyesta, wanda ya zauna a jiki, sannan ki faɗi dalili a layi ɗaya. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, riga mai faɗi kuma iska na shiga cikinta ta kumbura ta taso ta rufe wa yaro fuska, yaron da bai saba da ruwa ba da ya ji abu ya liƙe masa a hanci sai ya ruɗe ya fara shaƙa. Na taɓa ɗago wata yarinya a ruwan da bai kai mata ƙirji ba, ba abin da ya same ta illa rigarta da ta naɗe mata kai, tana ta lalube ta kasa gane ina ne sama, ƙawayenta na gefe suna zaton wasa take. Wando mai aljihu da igiyoyi masu lilo shi ma a bar shi gida. Iyayen da suke son ƴarsu ko ɗansu ya rufe jiki ki gaya musu a fili cewa an yarda, akwai kayan iyo masu dogon hannu da dogon wando, sharaɗin dai yadin ya zama na iyo kuma ba mai yawo a ruwa ba. In ba ki rubuta wannan ba wasu ba za su tambaya ba, kawai za su hana yaron zuwa.

Wani abu da mutane ba sa kawowa a rai shi ne launi. Shuɗi da fari da toka suna sajewa da ƙasan wurin iyo, musamman in yara suna ta fantsama ruwa, amma ruwan lemo mai haske ko ruwan hoda mai ƙarfi daga nesa ake hango shi. Ba sai kin mai da shi doka ba, ki sa shi a matsayin shawara ga wanda bai riga ya saya ba. Mai dogon gashi ta sa hular roba ko a ɗaure shi tamau, don kar ya rufe mata ido ko ya maƙale a bakin bututun da ke zuƙar ruwa. Sarƙa da ƴan kunne masu lilo da agogo a cire su tun a gida. Tawul, silifas, leda ta saka jiƙaƙƙun kaya, a rubuta sunan yaro a jikin kowanne. Balan-balan ɗin hannu da ake hurawa kuwa ki ce kar a kawo, yana iya sacewa ko ya zame, kuma yana sa yaro ya ɗauka ya iya ruwa alhali bai iya ba, in ana buƙatar abin riƙewa malami ne zai bayar.

Yanzu fom ɗin lafiya, wanda a wajena ya fi wasiƙar kanta nauyi. Kar ki tambaya "yaronku yana da wani ciwo?" domin kusan kowa a'a zai rubuta, wasu don sun manta wasu don tsoron kar a ware musu yaro. Ki jero su ɗaya bayan ɗaya a sa alama, farfaɗiya ko ya taɓa suma, asma, ciwon zuciya, ciwon suga, sikila, kunne mai fitar da ruwa ko wanda aka taɓa yi wa aiki. A ƙarƙashi ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa faɗin ciwon ba zai hana yaro darasi kai tsaye ba, shiri za mu yi masa, kuma bayanin zai tsaya tsakanin malamin aji da malamin iyo. Mai asma abin shaƙarsa zai zauna a bakin ruwa inda hannu zai kai, ba can cikin jaka a ɗakin canza kaya ba. Mai farfaɗiya sai da izinin likitansa, sannan a ware masa babba ɗaya da ba ya kallon kowa sai shi, domin in ta taso masa a ruwa ba ihu ba komai, sulalewa kawai zai yi. Mai sikila kuma sanyin ruwa yana iya tayar masa da ciwo, shi ma likita ya faɗi ko zai shiga, in zai shiga a goge shi a rufe shi da ya fito.

A fom ɗin ki ƙara tambayar ko yaron ya taɓa shiga ruwa, da ko ya taɓa tsorata a ciki. Amma ki sanar da su cewa kowane yaro sai an gwada shi a ranar farko ko me aka rubuta, saboda "ya iya" a bakin uba sau da yawa yana nufin ya taɓa wasa a inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Lambar waya biyu, sa hannu, da ranar da za a dawo da fom. Wanda bai dawo da shi ba zai zauna a benci, ki rubuta haka kuma ki tsaya a kai ko da kuka zai yi.

Akwai doka ɗaya da ta iyaye ce zalla, mu ba za mu iya ganewa da ido ba. Yaron da yake gudawa ko amai kar ya shiga ruwa. Mutane suna ɗauka kulorin, maganin da ake zuba wa ruwan wurin iyo, yana kashe komai nan take, ba haka ba ne, akwai ƙwayar cutar gudawa da ake kira kiriftosforidiyom wadda take rayuwa fiye da kwana 7 a ruwan da kulorin ɗinsa yake daidai, yaro ɗaya ya isa ya raba wa aji guda tunda ba wanda ba ya haɗiyar ɗan ruwa. Idan likita ya tabbatar ita ce, sai an yi mako 2 da tsayawar gudawar kafin ya koma. Zazzaɓi, jan ido mai kwantsa, ƙurji mai ruwa ko rauni a buɗe, su ma a huta ranar. Sannan kowa ya shiga bayi ya watsa ruwa kamar minti ɗaya kafin ya shiga, ya wanke gumi da man shafawa.

Dokokin yaran kansu kar su wuce biyar, kuma ki roƙi iyaye su maimaita musu a gida daren da za a tafi. Ba gudu a bakin ruwa, ba tura wani ko danna kansa ko da wasa, ba shiga sai malami ya ce, ba faɗawa da ka domin a ruwa mara zurfi kai yana bugun ƙasa wuya ya karye, in an busa usur kowa ya tsaya cak ya dubi malami. Ni nakan ƙara ta shida, ba gasar wa ya fi daɗewa a ƙasan ruwa, saboda yara maza suna son ta. Yaro ya ja numfashi da sauri da sauri sannan ya nutse, hakan yana jinkirta masa jin buƙatar numfashi har iskar jikinsa ta ƙare ya suma a ƙasa bai sani ba, ko gwani yana samunsa. Idan wurin a buɗe yake ki sa layi ɗaya kan tsawa, da an ji ta za a fito da kowa, ba komawa sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba, don kar iyaye su yi mamaki in an soke darasi.

Layin ƙarshe da nake roƙon kowace makaranta ta saka shi ne wannan, zango ɗaya na darasi ba ya mai da yaro wanda za a bari shi kaɗai a ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara suna cikin waɗanda abin ya fi ɗauka. Yaron da ke nutsewa ba ya iya kiran kowa, bakinsa na hawa yana sauka a ruwa, kansa a baya, hannuwa suna danna ruwan kamar mai son hawa tsani, kuma cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka yake ɓacewa. Ki rubuta musu kamannin nan yadda na faɗa miki. In kin gama ki ba malamin iyon ya duba lambobin ya sa hannu tare da shugaban makaranta, sannan ki aika da ita aƙalla mako biyu kafin ranar farko, don masu sayen kaya da masu zuwa wajen likita su samu lokaci.