Na yi shekara bakwai ina renon yara, yanzu an kira ni a kan aiki: me zan ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na yi aikin akanta shekara huɗu a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, na ajiye a ƙarshen 2018 da na haifi ɗana na biyu. Yanzu yarana uku, autan yana da shekara biyu. Jiya wata mata ta kira ni a kan takardun da na tura, ta same ni ina yi wa yaro wanka, na roƙe ta mu yi magana gobe da ƙarfe sha ɗaya. Tsorona ta tambaye ni inda na shiga duk shekarun nan, da kuma nawa nake so a biya ni. Albashina na ƙarshe naira dubu 120 ne. Me zan ce mata? Daga uwar yara uku, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ɗage maganar da kika yi daidai ne, ba zai rage miki komai ba, muddin kin ɗaga wayar a kan lokaci gobe. Mu da muke aikin ɗaukar ma'aikata mun fi son a ce mana "ki kira ni gobe" da a tsaya ana amsa mana cikin kukan yaro.

Ki fara sanin matsayin wannan kiran. Ba shi ne intabiyu ba, tankaɗe ne. Matar tana da jerin sunaye a gabanta, za ta ba kowa minti goma zuwa sha biyar, sannan ta miƙa wa manajan da ke neman ma'aikaci 'yan kaɗan daga ciki. Sau da yawa ita kanta ba akanta ba ce, ba za ta gwada ki a kan lissafi ba. Abin da take rubutawa a gefen sunanki bai wuce wannan ba: kin iya aikin, yaushe za ki fara, za ki iya zuwa inda ofis yake a kan lokaci, kuma kuɗin da kike nema ya shiga cikin abin da aka ware. Giɓin shekara bakwai ɗin ta riga ta gan shi a takardarki kafin ta danna lambarki, kuma duk da haka ta kira. Abin da take so shi ne jimla ɗaya da za ta maimaita wa manaja in ya tambaye ta.

To ki ba ta jimlar. Ga irin amsar da nake so in ji daga bakinki:

"Na ajiye aiki a ƙarshen 2018 don renon yarana. Yanzu manyan suna makaranta, ƙaramin kuma na yi masa tsarin wanda zai kula da shi, don haka na shirya komawa cikakken aiki. Kafin in tafi, ni nake daidaita asusun banki da littafin kamfani duk ƙarshen wata, ni nake bibiyar bashin dilolinmu, kuma ni nake haɗa albashin ma'aikata."

Daga nan ki yi shiru. A nan ne yawancin iyaye mata suke ɓata wa kansu. Sun ba da amsa mai kyau, sai suka ji wayar ta yi tsit na daƙiƙa uku, su ɗauka ba a gamsu ba, sai su shiga ƙari: ai haihuwar ta zo da tiyata, ai surukata ce ta kwanta, ai maigida ne ya ce in dakata. Alhali matar rubutu take yi. Duk abin da kika ƙara ya zama sabon abin tambaya, kuma mintunan da ya kamata ki yi maganar aikinki sun tafi a kan cikin gidanki. Kada kuma ki ce "ki yi haƙuri" ko "na san na daɗe a zaune". Da zarar kin nemi afuwa, kin nuna mata cewa akwai laifi a wurin.

Lura da yadda amsar ta ƙare a kan aiki, da sunayen ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ke jan tambaya ta gaba zuwa inda kike da ƙarfi.

Ana yawan ba mata shawarar su kira zaman gida da wani babban suna, wai "shugabar harkokin iyali". Ni ban goyi baya ba, domin mai ɗaukar ma'aikata tana jin haka ta san ado ne. Amma in kin yi wani abu na gaske da ya shafi kuɗi, ki faɗe shi da adadinsa. In kin riƙe littafin adashin mutum ashirin shekara uku ba a taɓa samun saɓani ba, ko kina yi wa shagon wani ɗan'uwa lissafin shiga da fita a Excel, wannan aiki ne, jimla ɗaya ta ishe shi. In babu, kada ki ƙirƙira. Manajan da zai yi miki intabiyu akanta ne, tambaya biyu zai yi ya gano.

Ainihin damuwarsu da giɓi ita ce ko iliminki ya tsufa, kuma a fanninki abubuwa sun canja sosai. Lokacin da kika tafi harajin VAT kashi 5 ne cikin ɗari, ya koma 7.5 tun watan Fabrairun 2020. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, kuma a ƙarƙashinsu naira dubu 800 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba a cire masa haraji. Ki zauna yau da daddare ki karanta matakan harajin albashi na yanzu. In gobe kika ce "na bibiyi canjin harajin albashi na 2026, na gwada lissafinsa", kin amsa tambayar da ba ta furta ba. In ta ambaci wata manhajar lissafi da ba ki taɓa amfani da ita ba, ki faɗi gaskiya, ki ambaci wadda kika sani, Sage ce ko QuickBooks, domin tushen aikin ɗaya ne.

Sai maganar kuɗi, inda na fi jin tsoro a kanki. Kada dubu 120 ɗin nan ta fito daga bakinki ita kaɗai. A 2018 litar fetur naira 145 ce, mafi ƙarancin albashi kuma dubu 18. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashin dubu 70. Wato a wancan lokacin kina karɓar ninki shida da wani abu na mafi ƙarancin albashi, yau kuwa wannan kuɗin bai kai ninki biyu ba. In kika faɗi tsohon adadin, za a ɗora miki ɗan ƙari a kai, a ce dubu 150, ki ji kamar an yi miki alheri, alhali an mayar da ke baya.

Don haka in ta ce "nawa kike so?", ki fara mayar mata da tambayar cikin ladabi: "Ko zan iya sanin abin da aka ware wa wannan gurbin?" Da yawa za su faɗa. In ta ƙi, ki ba da tsakani, daga kaza zuwa kaza, kuma ƙaramin adadin ya zama wanda in an ba ki shi za ki karɓa ba da ɓacin rai ba, don shi za ta rubuta. Kafin goben ki kira mutum biyu cikin tsofaffin abokan aikinki da har yanzu suke fagen, ki tambaye su abin da ake biyan akanta mai ƙwarewar shekara huɗu a Kaduna yanzu. In kuma ta nace sai ta ji tsohon albashinki, kada ki ƙara masa ko sisi, ana iya neman takardar biya. Ki ce: "Dubu 120 ne, amma a 2018, shi ya sa ba da shi nake auna yau ba."

Duk adadin da aka ambata, ki tambaya: kafin a cire ne ko wanda zai shigo asusuna? Bari mu yi misali. A ce ta ce dubu 300 a wata kafin cirewa. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, kamfani ya ba da kashi 10. In an lissafa naki a kan dukkan albashin, dubu 24 ke nan. Harajin abin da ya rage zai kai wajen dubu 32 a wata. Abin da zai shigo hannunki dubu 244 ne ko kusa. Yanzu cire kuɗin fita aikin kansa. A ce adaidaita sahu tana cin dubu 2 kullum, kwana 22 dubu 44. A ce renon auta dubu 30, abincin rana dubu 22. Saura dubu 148. Ki saka naki adadin na gaskiya a wannan lissafin yau, shi zai nuna miki ƙasan da ba za ki sauka daga gare shi ba. Af, lambar asusun fanshonki ta da tana nan, ba a buɗe sabuwa, ki nemo ta ki ajiye.

Akwai tambayoyin da bai kamata a yi ba amma ana yi, musamman a nan Arewa: "Maigida ya yarda?", "Wa zai riƙe yaran?", har da "Kin gama haihuwa?" Kina da damar ƙin amsawa, sai dai yin faɗa a kiran farko ba ya kai mutum ko'ina. Ki amsa abin da ke ƙarƙashin tambayar, wato ko za ki riƙa zuwa: "Mun gama tsara wannan a gida, zan iya aiki daga takwas zuwa biyar." Amma fa ya zama kun gama ɗin da gaske. In ba ku zauna da maigida a kan wanda zai ɗauko yara daga makaranta da ƙarfe biyu ba, a daren nan za a yi ta, ba bayan an ba ki takardar kama aiki ba. Haka ranar farawa: kada zumuɗi ya sa ki ce "ko gobe". Mako biyu amsa ce mai kyau, kuma za ki samu damar gwada tsarin renon kafin ranar. In akwai abin da ba zai yiwu miki ba sam, kamar aikin Asabar ko kaiwa dare a rufe lissafin ƙarshen wata, ki tambaya tun yanzu yadda suke yi.

Ke ma kina tantance ta. Ki tambayi sunan kamfanin, inda ofishinsu yake, da kuma ko ita ma'aikaciyarsu ce ko wakiliyar kamfanin da ke samo wa wasu ma'aikata. Bambancin yana da amfani, domin a wasu wuraren wakilin ne zai ɗauke ki ya tura ki aiki can, albashi da haƙƙoƙinki su bambanta da na ma'aikatan gidan. In aka ce ki biya kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin asibiti zuwa asusun wani mutum, ko aka nemi lambar BVN ɗinki ta waya, ki kashe kiran. Mata masu ɗokin komawa aiki suna cikin waɗanda 'yan damfara suka fi nema.

Gobe da sha ɗaya saura kwata, auta ya kasance a hannun wani, wayarki da caji, takardar da kika tura tana gabanki don kada shekarun da za ki faɗa su saɓa da abin da ke rubuce. Kafin ku yi sallama ki ce: "Mene ne mataki na gaba, kuma yaushe zan sa ran jin ku?" Ki roƙe ta ta turo miki bayanin aikin ta imel. In ranar da ta faɗa ta wuce da kwana biyu ba ki ji komai ba, ki tura gajeren saƙo guda ɗaya, ki ambaci sunanki da gurbin da ranar da kuka yi magana. Allah Ya ba da sa'a.