Tag ɗin Makulli: Yadda Ake Haɗa Shi da Waya, da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

"Maigida, Alhajin da na sayar wa ɗan tag ɗin nan na nemo makulli da waya ya dawo ransa a ɓace. Na farko da ƙyar wayarsa ta gan shi. Yanzu kuma ya ce makullan sun faɗi a cikin adaidaita sahu, amma taswira tana nuna masa bakin titin gidansa. Kayan ne jabu, ko ni na yi kuskure wajen haɗawa?"

Ajiye sukundireban nan ka matso kusa. Ɗauko irinsa guda ɗaya a cikin gilas, ka ɓalle bayansa da farce. Me ka gani? Batir mai faɗin kwabo, CR2032, bolt 3, da ɗan allo da bai kai faɗin babban yatsa ba, sai 'yar lasifika. Babu wurin sim, babu GPS. Alhaji ya ɗauka irin tirakar da ake sa wa mota ya saya, wadda take da layinta, take sanin inda take, ta kuma aiko da labari daga ko'ina. Wannan bai san inda yake ba sam. Abin da ya iya kawai shi ne ya riƙa sakin ɗan gajeren saƙon bulutut lokaci zuwa lokaci, kamar mai cewa "ga ni, ga ni", duk wayar da ke kusa ta ji. Rashin yin wani aiki bayan wannan ne ya sa batirin yake daɗewa, a masu kyau ma ya kai shekara.

To ɗigon da ke kan taswirar fa? Wurin da wayar Alhaji take ne a lokacin da ta ji tag ɗin na ƙarshe. Ya sauka a bakin titin gidansu, adaidaita ya ja da makullan a kan kujera, haɗin ya katse, waya ta rubuta inda ita take tsaye. Gaskiya ta faɗa. Ka koya masa duba lokacin da ke ƙarƙashin ɗigon, domin shi ne mai amfani: idan ya ce ƙarfe 4:10 na jiya, to tun daga lokacin wayar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Batun haɗawa kuwa, na ga inda ka sha wahala. Ka shiga Settings, ka buɗe Bluetooth, kana jira ya fito kamar abin saurare na kunne. Masu araha irin su iTag ba ta nan ake bi da su ba. Manhajar da aka rubuta a takardar cikin kwali za ka fara saukewa, daga cikinta ake nemo shi. In ma ka riga ka haɗa shi ta Settings, sau da yawa manhajar ba za ta ƙara ganinsa ba sai ka koma ka danna Forget ko Unpair. Ka danne maɓallin tag ɗin har ya yi ƙara, ka ajiye shi a jikin wayar, sannan ka ba manhajar izinin da ta nema. A Android 12 zuwa sama izinin Nearby devices ne, a waɗanda suka girme shi kuwa sai an kunna Location kafin waya ta yarda ta nemi irin wannan na'ura. Mutane suna ganin Location su ƙi, suna tsoron za a bi sawunsu, daga nan su ce kaya ba ya aiki. Da ya haɗu, ka danna kira a manhaja ka ji ya yi kuka, ka danna maɓallinsa sau biyu ka ji waya ta amsa, duk a gaban mai saye.

Saura abu ɗaya da yara suke mantawa. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu suna kashe manhaja da zarar allo ya mutu, don tattalin caji. Manhajar da aka kashe ba ta sauraron komai. Ka shiga wajen batir ka cire ta daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, inda akwai Auto-start ka kunna mata. Na taɓa rasa kwastoma mai kyau a kan wannan, har yau abin yana damuna, don kayan lafiyarsu ƙalau, ni ne ban duba ba.

Yanzu nisa. Lambar da aka buga a kwali, a fili aka gwada ta, babu bango babu mutum. Samsung sun ce tag ɗinsu SmartTag2 yana kai mita 120, kuma ko su a fili suke nufi. Saƙon yana tafiya ne a kan 2.4 GHz, layi ɗaya da Wi-Fi, kuma duk sa'ad da ka ninka tazara, ƙarfin da ke isowa waya yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan kafin ya haɗu da komai ke nan. Bangon bulo yana rage shi, rufin kankaren da aka zuba wa rodi ya fi ragewa, ƙofar ƙarfe ko durowar ƙarfe kuwa kusan rufe masa baki take yi. Ruwa ma yana shanye shi, kuma jikin mutum yawancinsa ruwa ne, shi ya sa makulli a aljihun baya na wanda ya zauna a kai yakan yi wuyar ji. Irin na hannunka na gwada shi a layin nan da safe kafin a cika, na yi taku kusan talatin bai katse ba. A gida, daga tsakar gida zuwa cikin ɗaki na biyu, taku goma bai cika ba ya yi shiru.

Don haka nema yana da tsarinsa. A shiga ɗaki, a tsaya tsit na ɗan lokaci, don tag ɗin ba a jere yake magana ba, sai waya ta dace da saƙonsa. In bai haɗu ba, a wuce ɗaki na gaba. Da ya haɗu, a sa shi kuka, a kashe fanka da talabijin, a bi da kunne. Sandunan ƙarfin sigina da wasu manhajoji ke nunawa suna gaya maka kusa ko nesa ne kawai, ba sa nuna gabas ko yamma, kuma suna rawa ko da kana tsaye wuri ɗaya. Kibiya mai nuna hanya da ka gani a AirTag, tag ɗin kamfanin Apple, wata fasaha ce daban, UWB, kuma sai daga iPhone 11 ta fara.

Masu tsadar sun fi wannan ne da taron jama'a. AirTag, wanda ya fito a 2021, duk iPhone ɗin da ya wuce kusa da shi yana kai rahoton wurin ga mai shi a ɓoye. SmartTag haka yake yi da wayoyin Galaxy, Google ma sun buɗe nasu tsarin na Android a 2024. Da AirTag ne a adaidaitan nan, fasinja mai iPhone ɗaya ya isa ya sabunta ɗigon. Amma ka lura da biyu: AirTag ba ya haɗuwa da Android, SmartTag ba ya yi sai da Galaxy, don haka ka ga wayar mutum kafin ka miƙa masa kwali. Sannan a ƙauyen da babu masu irin wayar, mai tsadan ma shiru zai yi kamar mai araha.

In Alhaji ya dawo, ka ba shi haƙuri, ka ce mu ne ba mu yi masa bayani ba. Ya je tashar da ya hau adaidaitan da wayarsa a buɗe, ya bi layin a hankali, in makullan suna cikin ɗaya daga ciki zai haɗu. Sabon da zai saya kuma ka kunna masa ƙararrawar rabuwa, wadda take sa waya kuka da zarar haɗi ya katse. Da tana kunne jiya, tun adaidaitan bai sha kwana ba zai ji.

Wanda kuma ya kawo nasa yana cewa nisa ya ragu ko kukan ya shaƙe, kafin komai ka ɗora mitar auna wuta a kan batirin. Sabo yana nuna sama da bolt 3 kaɗan. In ka ga ya sauko wajen 2.7, canza shi, ɓangaren da ke da alamar + yana kallon inda aka zana a jikin marfin ko ramin batirin.