Hoto ƙarami a ido, amma shafi na jan ƙafa

Tambaya: Ina ɗora hotunan kayan da nake sayarwa a shafina, amma masu shiga ta waya na ƙorafin ba sa buɗewa da wuri. Na sa `width="400"` don su ƙanƙance, babu abin da ya canza. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, abin da ka rage shi ne yadda hoton ke bayyana a fuskar waya, nauyinsa kuwa yana nan daram. Sai wayar mai ziyara ta sauke shi gaba ɗaya kafin ta nuna shi ƙarami.

Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsayi 3000, nauyinsa kan kai megabayit 4. Idan sabis ya yi rauni, a ce megabit 1 a daƙiƙa, kilobayit 125 kaɗai ke sauka a kowace daƙiƙa. Hoto ɗaya ke nan zai ci daƙiƙa 32, ga datar mutum tana ƙonewa. Wa zai tsaya jiran guda goma?

Fara da rage faɗin hoton kansa, a nan mafi yawan nauyin yake. Fiksel 1200 ya wadatar da fuskar waya. Hoton zai koma 1200 da 900, ɗigoginsa sun ragu kusan sau 11. Sannan ka matse shi a JPEG, ka sa inganci tsakanin 75 da 80. Galibi zai dawo wajen kilobayit 200, ya buɗe cikin daƙiƙa biyu. A waya, shafin Squoosh yana yin duka biyun, yana kuma nuna maka asali da sabo gefe da gefe. A kwamfuta mai ImageMagick:

```
magick hoto.jpg -auto-orient -resize "1200x>" -strip -quality 78 karami.jpg
```

Alamar `>` tana hana a ƙara girman hoton da bai kai 1200 ba. Kada ka sauya jerin umarnin. Waya takan ajiye hoto a kwance, ta rubuta a ɓoyayyen bayaninsa na EXIF cewa a miƙar da shi. In `-strip` ya goge bayanin kafin `-auto-orient` ya juya hoton, kayanka za su fito a kishingiɗe. Gogewar tana da wani amfanin: takan tafi da bayanin wurin da aka ɗauki hoton.

In ka matse fiye da kima, idonka zai gaya maka. Zuƙo hoton ka duba gefen rubutu da wuri mai launi ɗaya kamar bango. In ka ga dabbare-dabbare masu kusurwa huɗu, ɗaga inganci kaɗan. Kullum daga asalin hoton za ka sake, domin duk matsar da aka yi wa JPEG sai ta ci wani abu daga kyansa. PNG kuwa bar shi ga tambari da zane, hoton kyamara yana yin nauyi ƙwarai a cikinsa.