Taƙaita huɗuba da Turanci ba tare da ta yi sanyi ba

Tambaya: Malam, a masallacinmu nan Jidda ni nake taƙaita huɗuba da Turanci bayan sallar Juma'a, saboda 'yan Filifin da Indiya da Gana. Liman kan sa mutane hawaye, ni kuwa in na tashi sai ka ce labarun rediyo. Ina tsoron ina cin amanar huɗubar.

Amsa: Ɗan'uwa, sanyin nan yawanci daga "liman ya ce" yake zuwa. Faɗe ta sau ɗaya a farko, sannan ka fuskanci jama'a kai tsaye yadda ya fuskance su. A ce huɗubar kan haƙƙin ma'aikaci ce, ta minti 20, kai kana da 5. In ya buɗe da farkon Suratul Muɗaffifina yana tsoratarwa, ya kawo hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, ya rufe da ƙofar tuba, to bi wannan jeri, kowane sashe da gwargwadon nauyinsa. Inda ya tambaya, kai ma tambaya: "Wa zai tsaya maka ranar hisabi?" Kada ka mayar da ita "ya yi bayani kan hisabi". Ka nemi takardarsa tun daren Alhamis.

Amma abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar cewa zafin huɗuba ƙara mata gishiri ne. Kullum ina cin karo da su. Mutum ya ji Turancinsa bai girgiza kowa ba, sai ya jawo ƙissar da ya tsinta a waya, ko ya tsine wa kafilai masu riƙe albashi, alhali liman bai ambaci kowa ba. Wanda ba ya jin Larabci ba shi da hanyar tantancewa. Zai koma masaukinsa yana cewa liman ne ya faɗa, kuma in maganar ta kai ga hukuma liman za a fara kira. Mafi muni, sai su narka aya da hadisi da ra'ayinsu cikin jimla ɗaya, sabon musulunta ya haddace yana zaton duka maganar Annabi ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Wannan bai isa ya sa harshe rawa ba?

Saboda haka kada ka fassara aya da ka. Karanta Larabcinta, ka ɗan dakata, ka karanto ma'anarta daga tarjamar da cibiyar Sarki Fahad ta Madina ta buga, ka kuma sanar da su inda ayar ta ƙare. Turancinka ya zama gajerun jimloli, domin yawancin sahun nan ba da shi aka haife su ba. Hadisin da ba ka ji lafazinsa sosai ba, tambayi liman kafin ka kama makirufo, ko ka bar shi.