Sunan littafina na farko ya ƙi tashi

Tambaya: Malam, na gama ƙagaggen labarina na farko. Wata ce ta tashi babu uwa a gida, duk lokacin da ta tambaya sai mahaifinta ya ce mata "ba ta rubuto ba". Bayan rasuwarsa ta tarar da wasiƙu 19 na uwar a ƙasan akwatinsa. Na sa masa suna "Raɗaɗin Jiya", amma ni kaina sunan bai kwanta mini ba. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kunnenki bai yaudare ki ba. "Raɗaɗin Jiya" jigon labarin yake faɗa, shi kuwa jigo na kowa ne. Labarin saki zai ɗauki wannan suna, na yaƙi zai ɗauka, na maraici ma haka. Duk sunan da za a iya cirewa a liƙa wa littattafai ɗari ba tare da an ga ɗinki ba, bai riƙe naki ba. Yawancin sunayen wucin gadi haka suke fitowa, domin ana sa su tun kafin marubuci ya san abin da labarin zai zama.

Sunan da kike nema yana cikin rubutun. Ki ajiye shi mako biyu, sannan ki karanta daga farko zuwa ƙarshe da biro a hannu, ba don gyara ba. Ki riƙa fitar da abu biyu kawai a takarda daban: kayan da ake gani ko taɓawa da suka dawo fiye da sau biyu, da maganar da wani ya furta wadda ta tsaya miki a rai. Kada ki tace komai tukuna. Ki tara kamar talatin, sannan ki bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: wanne ne ma'anarsa a babin farko ta bambanta da ma'anarsa a babin ƙarshe?

Daga 'yan layukan da kika aiko ma na ga uku. Akwai akwati, akwai wasiƙu 19, akwai maganar mahaifin. "Akwatin Baba" abu ne da ake gani, ya fi sunanki na yanzu, sai dai ya karkata hankali ga uban alhali ciwon na 'yar ne. "Wasiƙu Goma Sha Tara" yana da nauyi, amma ya tona asiri tun daga bango: mai karatu zai san akwai wasiƙun kafin ita ta sani. Idan kin ɓoye su sai tsakiyar littafi, wannan suna zai zubar miki da aiki. Wanda ya kama ni shi ne "Ba Ta Rubuto Ba". Wanda ya gan shi a bango zai so sanin wace ce ba ta rubuto ba, kuma wa take hana wa. A shafukan farko zai ɗauke shi gaskiya, ya ji haushin uwar tare da yarinyar. Ranar da aka buɗe akwati, kalmomi huɗun nan za su juye su zama ƙaryar da aka gina rayuwar mutum a kanta, kuma duk sanda ya rufe littafin ya kalli bango zai sake jin su da muryar uban.

Ban karanta rubutun ba, don haka ki gwada shi kafin ki yarda da ni. Ki faɗa wa mutum biyar sunan da baki, ba tare da bayanin labarin ba, ki tambaye su me suke tsammani. Idan sun ce barkwanci alhali labarin kuka ne, sunan ya yi alkawarin da littafin ba zai cika ba. Bayan kwana uku ki sake tambayarsu sunan. Wanda suka tuna daidai shi ne zai yi tafiya daga baki zuwa baki.

Ki kuma dube shi a rubuce, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Suna mai kalma ɗaya kamar "Fari" ko "Kuka" yana iya ɗaukar ma'ana biyu ko uku, kuma a bango babu jimlar da za ta raba gardama. Idan harshen damon da gangan kika yi shi, madalla. Idan ba haka ba, ki ƙara kalmar da za ta tsayar da ma'anar. Sannan ki bincika ko wani ya riga ki sunan, da haruffa masu lanƙwasa da kuma babu su, tunda mutane da yawa ba sa rubuta su wajen nema.

In kuma kin gama karatun nan ba ki sami abu ko magana guda da ta sauya ma'ana ba, to ki dakata da neman suna. Alama ce farkon labarin da ƙarshensa ba su gama ɗaurewa da juna ba, kuma can ya kamata biron ya koma.