Kwaɗon shafin intanet da yadda ake samo satifiket ɗinsa

Maigida, mai injin shinkafar nan na Argungu da muka haɗa wa shafi ya kira ni yana cewa wayarsa tana rubuta "Not secure" a gefen sunan shafin, kuma masu saye sun fara tambayarsa. Ni a ganina shafin yana buɗewa lafiya ƙalau. Mene ne amfanin kwaɗon nan da https, kuma a ina ake samo satifiket ɗin da ake magana?

Gaskiyar mai injin ce, yarona, kuma bai kamata a ƙara kwana ba a gyara ba, tunda shafin yana da wurin da mai saye ke rubuta sunansa da lambar wayarsa da yawan buhunan da yake so. Duk abin da aka rubuta a shafin da ke kan http, a buɗe yake tafiya, tun daga wayar mai saye, ta waifai ɗin da ya hau ko ta kamfanin layinsa, har ya isa sabar ɗin da shafin yake zaune a kai. Kamar ka bai wa direba a tashar Birnin Kebbi wasiƙar da ba a sa a ambulan ba ne, ka ce ya miƙa wa wani direban a Jega: duk hannun da ta bi zai iya karantawa, kuma wanda ya ga dama zai iya goge layi ɗaya ya rubuta nasa. Wannan na biyun shi ne ya fi damuna a shafin ɗan kasuwa. A shafin mai shinkafa akwai lambar asusun banki da ake tura kuɗi, kuma wanda ya samu damar zama tsakanin mai saye da sabar yana iya sauya lambar a hanya, mai saye ya ga shafin da kamanninsa duka, ya tura kuɗin buhu hamsin ga wanda bai taɓa noma ko kwano ɗaya ba. Saboda irin wannan ne burauzar Chrome ta fara liƙa wa duk shafin http wannan gargaɗi tun watan Yulin 2018.

Harafin s da ke ƙarshen https yana nufin an naɗe zancen cikin wani tsari mai suna TLS. Da zarar burauza ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 443 a sabar, sai sabar ta miƙo satifiket ɗinta. A cikinsa akwai sunan shafin, da ranar da ya fara aiki, da ranar da zai ƙare, da makullin fili na sabar, sannan da sa hannun hukumar da ta bayar da shi. Burauza tana da jerin hukumomin da ta yarda da su, wanda ya zo tare da ita ko tare da wayar, don haka takan bi sa hannun daga satifiket ɗin har ta kai ga ɗaya daga cikinsu. Idan ta gamsu, sai ta nemi sabar ta nuna cewa tana riƙe da makullin sirri, abokin wancan na fili, wanda ba ya barin sabar har abada. Daga nan su biyun su ƙulla wani makulli na wannan zaman kaɗai, kuma duk abin da ya biyo baya a rufe yake tafiya. Na tsakiya zai iya sanin sunan shafin da aka ziyarta, amma ba zai ga abin da aka rubuta a ciki ba, kuma idan ya taɓa harafi ɗaya burauza za ta gane ta yanke.

A nan nake so ka tsaya ka fahimta da kyau, domin abokan ciniki za su tambaye ka. Kwaɗon yana ba da shaidar abu biyu ne kawai: hanyar a rufe take, kuma sabar da kake magana da ita ta tabbatar tana da iko da sunan da ke rubuce a sama. Bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ɗan damfara yana iya sayen suna mai kama da na banki, ya sauya harafi ɗaya, ya samo masa satifiket cikin minti biyu, kwaɗo ya bayyana tsaf. Ganin mutane da yawa suna ɗaukar kwaɗo a matsayin shaidar amana ne ya sa Chrome ta cire hotonsa a shekarar 2023, ta sa wata ƙaramar alama mai layi biyu da ɗigo biyu a gurbinsa. Saboda haka idan mai injin ya ce bai ga kwaɗo ba bayan ka gama aiki, ka ce masa ya taɓa wannan alamar, zai ga bayanin a ciki. Kuma ka koya masa karanta sunan shafi harafi bayan harafi kafin ya rubuta kalmar sirrinsa a ko'ina.

Batun samo satifiket kuwa, akwai masu sayarwa, kuma akwai Let's Encrypt, hukumar da ba ta neman riba, wadda ta buɗe wa kowa ƙofa a ƙarshen 2015, tana bayarwa kyauta. Na kuɗi wani lokaci yakan haɗa da binciken takardun kamfani, amma rufin hanyar iri ɗaya ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mai injin shinkafa ya biya ko sisi ba. Idan shafi yana kan sabar haya ce mai cPanel, sau da yawa maɓalli ɗaya ne a sashen SSL/TLS Status, ka danna ka jira. Namu yana kan sabar da muke kula da ita da kanmu, mai Nginx, don haka da Certbot za mu yi aiki, manhajar da ke roƙo mana satifiket ta kuma saka shi a sabar.

Kafin komai ka tabbatar sunan shafin yana nuni ga sabar ɗinmu. Zan rubuta example.com a madadin sunan na ainihi.

```
dig +short example.com
dig +short www.example.com
```

Idan duka biyun sun dawo da lambar IP ta sabar ɗinmu, sai ka ci gaba:

```
sudo certbot --nginx -d example.com -d www.example.com
```

Abin da ke faruwa bayan ka danna shi ne ainihin amsar tambayarka. Certbot yakan gaya wa Let's Encrypt cewa yana son satifiket na waɗannan sunaye biyu, ita kuma ta ba shi wani dogon jerin haruffa na gwaji, ta ce ya ajiye amsarsa a kan sabar a ƙarƙashin `/.well-known/acme-challenge/`. Sannan ita da kanta ta zo daga waje, ta ƙofa ta 80, ta nemi wannan fayil ta sunan shafin. Idan ta same shi daidai, ta san cewa mai roƙon yana da iko da sabar da sunan ke nuni gare ta, sai ta sa hannu. Ba ta tambayar katin shaida, ba ta tambayar rajistar kamfani, kuma wannan ne ya sa na ce maka kwaɗo ba ya shaidar hali. Fayilolin za su sauka a `/etc/letsencrypt/live/example.com/`. Wanda ake kira `fullchain.pem` shi ake nuna wa duniya, `privkey.pem` kuwa shi ne makullin sirri, kuma kada ka kuskura ka tura shi ta WhatsApp ko da mai shafin ne ya nema.

Ka lura na rubuta sunan sau biyu, da www da kuma babu. Wanda ya manta ɗaya, masu shiga ta wancan sunan za su ci karo da `NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID`, alhali shi a wayarsa komai lafiya yake gani. Idan kuma gwajin ya faɗi, kada ka yi ta maimaitawa cikin fushi, domin Let's Encrypt tana da iyaka: faɗuwa biyar a cikin awa ɗaya kan suna ɗaya, sai ta dakatar da kai na ɗan lokaci. Ka karanta saƙon kuskuren tukuna. Galibi ko sunan bai gama yaɗuwa ba ne, ko ƙofa ta 80 a rufe take.

Samun satifiket na farko ba shi ne aikin ba; sabuntawa ita ce aikin. Na Let's Encrypt na yau da kullum kwana 90 yake yi, kuma Certbot yakan saita kansa ya sabunta idan saura kwana 30. An taɓa kawo mini shafin wata makaranta mai zaman kanta da iyaye ke duba sakamakon yara a kai. Wanda ya haɗa musu ya sa satifiket daidai, sannan ya ga tunda yanzu komai ta ƙofa ta 443 yake bi, sai ya rufe ta 80 don ƙarin tsaro a tunaninsa. Wata biyu babu abin da ya faru. Da lokacin sabuntawa ya zo, Let's Encrypt ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 80 ba a buɗe ba, Certbot ya yi ta gwadawa kullum yana faɗuwa ba wanda ya duba, har kwana na 90 ya cika a makon da aka saki sakamako. Iyaye suka buɗe suka ga babban gargaɗi da `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID` a ƙasa, wasu suka ɗauka an yi wa makarantar kutse. Gyaran bai wuce buɗe ƙofar da sake sabuntawa ba. Ƙofa ta 80 a bar ta a buɗe, aikinta ta karɓi gwajin, ta kuma tura duk mai shigowa zuwa https. Kuma kada ka dogara da cewa za a tunatar da kai ta imel, domin Let's Encrypt ta daina aika wannan tunatarwa a 2025. Ranar da ka gama sawa, ka gwada wannan:

```
sudo certbot renew --dry-run
sudo certbot certificates
```

Na farko yana kwaikwayon sabuntawa ba tare da taɓa satifiket na gaske ba, na biyu kuma yana nuna maka kwana nawa suka rage.

Wannan saƙon kuskuren kwanan wata yana da wata fuska da za ta iya wahalar da kai a banza. Idan mutum ɗaya ne kawai ke ƙorafi, sauran kuma suna shiga lafiya, ka ce ya duba agogon wayarsa, domin wayar da ta mutu ta tashi da kwanan watan shekarun baya za ta ga satifiket mai kyau a matsayin wanda lokacinsa bai zo ba. Haka nan tsofaffin wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba, waɗanda har yanzu za ka gani a hannun manoma, ba su da Let's Encrypt a jerin hukumomin da suka sani, kuma a da mafita gare su ita ce Firefox, wadda ke zuwa da nata jerin.

Abu na ƙarshe a shafin mai shinkafa shi ne hotunan buhunan, waɗanda na san ka sa su da cikakken adireshi mai farawa da `http://`. Bayan an koma https, burauza za ta yi ƙoƙarin ɗauko su ta rufaffiyar hanya, idan ba ta samu ba ta ƙi nuna su, fayilolin JavaScript kuwa toshe su take yi kai tsaye, sai ka ga maɓallin oda ya daina aiki. Ka buɗe shafin a kwamfuta, ka danna F12, ka duba Console, duk layin da ya ce "Mixed Content" ka bi shi ka gyara adireshin. Idan ka gama, ka kashe waifai ɗin shago, ka shiga da datar wayarka ta sunayen biyu, ka aika odar gwaji ta buhu ɗaya, sannan ka kira mai injin.